Kuɗin fito da tsofaffin zubi: wahalar mai ajiye kwafin bayanansa a girgije na biyu

Kamfanonin girgije, wato masu ba da hayar ma'ajiyar bayanai ta intanet, su ne kan gaba wajen yi mana huɗubar cewa kada mu dogara da kwafi ɗaya na bayananmu, amma duk wanda ya ɗauki shawarar da gaske ya ce zai riƙa kwafe bokitinsa, wato rumbun da fayilolinsa suke ciki, kowane dare zuwa wani kamfani daban, zai tarar an shirya masa tara a kowane mataki. Shigar da bayanai kyauta ne, fitar da su kuwa sai an biya kuɗin fito a kan kowane gigabayit, kuma babu iyakar da kuɗin zai kai aikin ya tsaya. Wannan tsari zalunci ne, kuma ya fi cin wanda ke samun kuɗinsa da naira alhali ana yi masa lissafi da dala.

A ɗauki bokiti mai terabayit 5 a Amazon S3 da ake so a riƙa kwafewa zuwa Google Cloud Storage da ƙarfe biyu na dare ta hanyar `cron` mai tayar da aiki a kan lokaci da `rclone` mai kwafe fayiloli. A yankunan Amurka, farashin fitar da bayanai daga S3 zuwa intanet santi 9 ne a kan kowane gigabayit, bayan gigabayit 100 na farko da ake yafewa a wata. Ke nan kwafin farko zai ci kusan dala 450, kusan abin da ajiyar bayanan take ci a wata huɗu. Mutum yana iya haƙura da wannan, domin ya sa a ransa cewa sau ɗaya ne, daga nan sai abin da ya canza kaɗai za a riƙa turawa. To, a wajen tantance abin da ya canza ɗin ne masifar take.

Manhajar `rclone` tana duba girman fayil da lokacin da aka gyara shi. Idan girman ɗaya ne amma lokacin ya bambanta, takan kwatanta tambarin MD5 na ɓangarorin biyu, wato lambar da ake lissafowa daga abin da ke cikin fayil, in sun yi daidai ta gyara lokacin kawai ba tare da ta sake tura komai ba. Amma S3 ba ya ba da MD5 na gaskiya ga fayil ɗin da aka ɗora gunduwa-gunduwa. Abin da yake nunawa a `ETag` wani lissafi ne daban mai ƙarewa da karan ɗori da lamba, misali `-37`, kuma manhajar `aws` da kanta tana gutsuttsura duk fayil ɗin da ya kai megabayit 8 idan ba a sauya mata tsari ba. Shi kuwa Google, tambarin da yake bai wa kowane fayil CRC32C ne. Saboda haka manyan fayiloli, waɗanda su ne suka fi tsadar fitarwa, su ne aka bari ba su da shaidar da ɓangarorin biyu suka yarda da ita. Ranar da wani ma'aikaci ya sake rubuta fayilolin a inda suke domin sauya musu ajin ajiya, lokacin gyaransu zai koma na ranar, kuma da dare ya yi aikin zai ɗauki duk manyan fayilolin a matsayin sababbi ya sake tura su, kusan terabayit 5 idan su ne suka cika bokitin, wato wasu dala 450 a kan bayanan da ko harafi ɗaya bai canza a cikinsu ba. Wanda ya gudu zuwa `--checksum` ma bai tsira ba, domin inda babu tambarin sai girma kaɗai za a kwatanta, fayil ɗin da ya canza amma girmansa bai motsa ba sai a tsallake shi shiru.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ba a ganin ɓarnar a lokacin da take faruwa. Aikin zai kammala ba tare da kuskure ba, alkaluman kuɗi sukan makara da sa'o'i kafin su bayyana, kuma gargaɗin kasafi saƙo ne kawai da ba ya tsayar da fitar bayanai. Alamar farko ita ce aikin da ya saba gamawa cikin mintoci ya wayi gari yana gudana.

Batun tsofaffin zubi ya fi wannan muni, domin mutane suna kunna `Versioning`, tsarin da ke ajiye tsohon zubin fayil duk lokacin da aka gyara shi, a bokitin biyu su kwanta da tunanin cewa tarihinsu yana wuri biyu, alhali ba haka ba ne. Umarnin `sync` zubin da ke kai kaɗai yake kwafewa. Fayil ɗin da aka gyara sau goma da rana, zubinsa na ƙarshe ne zai isa ɗaya ɓangaren, sauran tara suna nan a kamfanin farko, wanda tsoron rasa shi ne ya sa aka fara aikin tun asali. Lambar `VersionId` ta S3 ba ta da ma'ana a Google, inda ake amfani da `generation`. Idan aka goge fayil a S3, `delete marker` ake ɗora masa kuma ana iya dawo da shi, amma `sync` gani yake fayil ɗin ya ɓace, sai ya goge shi a kwafin ma. Gogewar kuskure ko ɓarnar maharan da ke kulle fayiloli za ta bi jadawalin ta isa kwafin a daren.

Ga shi kuma ana biyan kowane tsohon zubi da cikakken farashi. A misalinmu, daren da aka sake tura komai ya mayar da terabayit 5 zuwa 10 a Google, kamar yadda sake rubutawar ta ninka su a S3, kuma jerin fayiloli na yau da kullum ba ya nuna rabin da aka ɓoye. Idan an zaɓi ajin ajiya na Coldline a Google domin sauƙin kuɗi, mafi ƙarancin wa'adinsa kwana 90 ne, don haka ko an share tsofaffin a washegari sai an biya ragowar kwanakin.

Kariyar da ake da ita duk mai bayanai ne yake ɗaura wa kansa:

```
rclone sync s3:ajiya gcs:kwafi --fast-list \
  --max-delete 500 --max-transfer 100G
```

Iyakar farko tana hana gogewar da ta wuce fayil 500, ta biyu tana tsayar da aikin idan ya tura gigabayit 100, wato asarar dare ɗaya ba za ta wuce kusan dala 9 ba. Bayan duk wani babban sauyi a bokiti, dole a fara gwadawa da `--dry-run`, wanda ke nuna abin da aikin zai yi ba tare da ya taɓa komai ba. Dole kuma a kafa dokar ƙarewar tsofaffin zubi a kowane ɓangare daban, `NoncurrentVersionExpiration` a S3 da `daysSinceNoncurrentTime` a Google, tun da dokar ɗaya ba ta bin bayanai zuwa ɗayan. Injin da ke gudanar da aikin ma kada a ajiye shi a kamfani na uku mai cajin fito, domin sau biyu za a biya.

Kada kowa ya kawo mini zancen sassaucin 2024, lokacin da Google a watan Janairu, sannan Amazon da Microsoft a watan Maris, suka ce sun yafe kuɗin fito. Wannan yafiya ta mai kwashe kayansa ya ƙaura ce, kuma sai ya nema an amince masa. Wanda ya zauna yana biyan kuɗin ajiya kowane wata, yana neman kwafi na biyu kawai, babu abin da ya samu. Cloudflare R2 ba ya cajin fito ko kaɗan, wanda ya nuna cewa farashin zaɓi ne na kasuwanci. Abin da nake nema daga kamfanonin nan bai fi ƙarfinsu ba: su ba mu makunnin da zai tsayar da fitar bayanai daga bokiti idan ta kai adadin da muka sa, su daidaita a kan tambari ɗaya da za a riƙa karantawa a kowane ɓangare har ga fayilolin da aka ɗora tun shekarun baya, kuma su nuna nauyin tsofaffin zubi a shafin farko na bokiti kusa da na zubin da ke kai.