Obadiraf ba kyautar banki ba ce

"Bankina ya ce zan iya cirar dubu 200 fiye da abin da ke asusuna, ashe kyauta ce tunda na daɗe da su?"

A'a ɗan'uwa, wannan shi ne obadiraf, bashi ne, kuma ba daɗewa kawai suke dubawa ba. Abin da suke kallo shi ne shige da ficen kuɗi a asusunka na watannin baya, albashi ko ciniki na shigowa a kai a kai ko kuwa sai an ga dama, sannan su bi BVN ɗinka su ga ko akwai bashin da ka ƙi biya a wani banki, in akwai to magana ta ƙare.

Ruwan kuma kullum ake lissafa shi a kan abin da ka taɓa kawai. Mu ce kashi 30 ne a shekara ka ci dubu 200 ɗin duka, kusan naira 164 ke nan kullum, wata guda wajen dubu 5, ban da kuɗin buɗe maka layin bashin da ake cira tun farko. Inda mutane ke faɗawa tarko, albashi na shigowa bankin ya fara kwashe nasa, ka sake ci kafin ƙarshen wata, haka za ka shekara kana biyan ruwan da zai iya kusantar dubu 60 uwar bashin na nan. Duba sitatimen ɗinka, in balans na komawa ƙasa da sifili duk wata to ka shiga.