Lamba ɗaya ba ta isa a auna ma'aikaci da ita ba

Shekara uku ke nan ina riƙe da wata ƙaramar masana'antar ruwan leda a Zariya, mu goma sha huɗu har da direbobi biyu da mai gadi. Ina rubuta wannan ne saboda yanzu duk mai ɗan kamfani da na zauna da shi, daga Sabon Gari har Tudun Wada, sai na ji yana cewa ya "sa wa yaransa taget". In ka tambaye shi wane iri, sai ka tarar lamba ɗaya ce tal, kuma an ɗaura ta a kan albashi. Na bi wannan hanyar, na ga inda ta kai mu, shi ya sa abin yake damuna.

Tsarin da nake so mu duba shi ne wanda ake kira OKR, wato manufa da ma'aunan sakamakonta. Andy Grove ne ya tsara shi a kamfanin Intel cikin shekarun 1970, John Doerr kuma ya kai shi Google a 1999, lokacin Google ɗin bai wuce ɗan ƙaramin kamfani ba. Manufa magana ce da ake faɗa da baki, kowa ya gane inda aka nufa. Ma'aunai kuma lambobi ne, kamar uku ko huɗu, da za su nuna ko an isa. Akan yanke wata uku, a ƙarshe a ba kowane ma'auni maki daga 0 zuwa 1.

Da farko abin da na yi shi ne na ce wa direbanmu na layin Samaru ya fitar da jaka 400 kullum, in ya cika yana da lada a ƙarshen wata. Ya kuwa cika. Mota tana fita cike tana dawowa wayam, kowa yana murna. Sai da wata biyu suka wuce na zauna da mai riƙe mana da lissafi, muka ga bashin da ke hannun masu shaguna, wanda ya haura sati biyu ba a biya ba, ya kai naira 300,000. Da na kira shi, bai yi musu ba. Ya ce, "Manaja, kai ka ce in fitar da ruwa. Wanda ba shi da kuɗi a hannu in na hana shi, ta ina zan cika ɗari huɗu?" Gaskiya ya faɗa. Abin da na auna shi ya yi. Na ƙirga jakar da ta bar ƙofar masana'anta, ban ƙirga kuɗin da ya shigo ba.

Da muka sake zama, ban fara da lamba ba. Na tara direban da yaran motarsa da mai injin da mai lissafi, muka yarda da manufa ɗaya ta wata uku: masu shaguna daga Kwangila zuwa Samaru su riƙa dogara da ruwanmu, mu ma mu riƙa dogara da kuɗinsu. Sannan muka tambayi kanmu, in hakan ta tabbata, me za mu gani da idonmu?

A nan ne aikin yake, kuma nan mutane suke tsallakewa. Ba za ka ce "daga nan zuwa can" ba sai ka san inda kake tsaye. Sati biyu cur muka yi ba mu canza komai ba, ƙirge kawai. Muka sayi littafi mai kauri, yaron mota yana rubuta sunan kowane shago, jaka nawa aka sauke, nawa aka biya, nawa aka dawo mana da su a fashe. Sai ga shi shaguna 40 ne kawai ke saye kowane sati ba fashi, kuma cikin kowace jaka 100 ana dawo da 6 saboda leda ta fashe. Kafin littafin nan da an tambaye ni, da na ce biyu ne.

Ma'aunanmu suka zama uku. Shagunan da ke saye kowane sati su tashi daga 40 zuwa 70. Jakar da ake dawowa da ita ta sauko daga 6 cikin 100 zuwa 2. Tsohon bashi ya sauko daga naira 300,000 zuwa 100,000. Ku lura da yadda na farko da na uku suke riƙe da juna: direba ba zai ƙara shaguna ta hanyar rabon bashi ba, ba kuma zai rage bashi ta hanyar korar kwastomomi ba. Wani cikin yaran ya so mu rubuta "ziyartar shago goma kullum". Na ƙi, domin ziyara aiki ne, ana iya yin ta wata uku ba a sami ko mutum ɗaya ba. Yana iya yin ziyarar, amma wanda ya dawo ya sake saye shi muke ƙirgawa.

Kowace Litinin da safe, kafin a yi lodi, muna tsayawa minti ashirin mu karanta lambobin nan uku. A sati na uku ne mai injin ya buɗe baki ya ce ledar da aka liƙe lokacin da janareta ya yi rauni ita ta fi fashewa, domin zafin bakin injin ba ya kaiwa. Yaran mota kuma suka ce jakunkunan ƙasa su ne ke fashewa in an jibga lodi ya yi tsawo. Shekara biyu suna sane da wannan. Ba wanda ya faɗa, saboda ba wanda ya taɓa tambaya.

Ƙarshen wata uku shaguna suka kai 58. Mun nemi ƙarin 30, mun samu 18, maki 0.6 ke nan. Fashewa ta sauko zuwa 3, wato mun rage 3 cikin 4 da muka nema, 0.75. Bashi ya tsaya a naira 220,000, mun karɓo 80,000 cikin 200,000, maki 0.4. A wannan tsarin, burin da aka sa shi da nisa da gangan in ya kai 0.6 ko 0.7 an yi ƙoƙari. Wanda kullum yake cin 1, burinsa ne ya yi kusa. Shi 0.4 ɗin kuwa da muka bi diddiginsa, sai muka ga rabin bashin yana hannun shaguna huɗu, biyu daga ciki kuma Alhaji mai kamfanin ne ya ce a ɗaga musu ƙafa. Na same shi na ce, "Ranka ya daɗe, wannan ba nauyin direba ba ne, namu ne." Ya yarda, ya kira su da kansa.

Shi ya sa nake roƙon masu kamfanoni su raba makin nan da albashi. Ranar da ma'aikaci ya san 0.4 zai taɓa abincin gidansa, ranar zai fara neman a rage masa buri, littafin kuma ya daina faɗin gaskiya. Mai injin nan da ba zai ambaci raunin liƙi ba in ya san za a cire masa kuɗin jakar da ta fashe. Ladan ƙwazo muna bayarwa, amma a wani zama daban, ana duba halin mutum da aikinsa gaba ɗaya.

Akwai kuma abin da ba ya shiga wannan lissafin. Tsabtar ruwa da canza matatar ruwa a kan lokaci da cika sharuɗɗan NAFDAC ba a cin 0.7 a kansu, dole ne a cika su duka, kullum. Sai yanayi: cinikin ruwa a zafin Maris da Afrilu ba ɗaya ba ne da na hunturu, layin Samaru kuma yakan yi sanyi da zarar ɗaliban jami'ar Ahmadu Bello sun tafi hutu. A watanni ukun da suka faɗo cikin hunturu ba mu sa burin ƙarin shaguna ba sam. Mun ce 58 ɗin nan kada su gaza 55, muka mai da ƙarfinmu kan ragowar bashin.