Kada ka ce babu kowa alhali ba ka duba ba

'Yan uwana da aka ɗora wa alhakin kula da gobara a ofisoshi, abin da ake gani kwanan nan a wajen atisaye abin takaici ne. Ƙararrawa na kaɗawa, mutum zai zari rigarsa mai ƙyalli, ya leƙa babban ɗakin aiki daga bakin ƙofa, ya bi sahun jama'a ya sauka, ya je wurin taruwa ya buɗi baki ya ce hawansa babu kowa. Banɗaki bai shiga ba, sito bai taɓa ba. To wa ya gaya maka babu kowa?

Binciken hawa yana da tsari. Daga wuri mafi nisa da ƙofar fita ake farawa, a riƙa tahowa wajen matakala, don kada ka tsinci kanka a lungu hayaƙi ya tare maka hanya. Kowane ɗaki sai ka shiga ka ɗaga murya, ka duba bayan ƙofa. A banɗaki ƙofa-ƙofa ake turawa, na maza da na mata, domin wanda ya yanke jiki ya faɗi a ciki ba zai amsa kira ba. Ɗakin taro, kicin, ɗakin na'urori inda ƙara ke danne ƙararrawa, duk a nan ake mance mutane. Ga kuma masu toshe kunne da abin jin sauti, waɗanda ko ginin ne zai rushe ba su sani ba, su ma sai an dafa kafaɗarsu. Ƙofar da ka tarar a rufe, taɓa ta da bayan hannu tukuna. In da zafi, ko hayaƙi na fitowa ta ƙasa, kada ka buɗe. Ɗakin da ka gama dubawa ka ja ƙofarsa amma ban da sa makulli, saboda rufaffiyar ƙofa tana hana wa wuta iska, tana tsare hayaƙi, kuma hayaƙi ya fi harshen wuta kisa. Ƙofofin gobara da yawa an ƙera su ne su jure minti 30, amma sai a samu wani ya tokare su da tukunyar kashe gobara wai iska yake so. Allah Ya shirye mu.

Duk wannan bai kamata ya wuce minti biyu zuwa uku ba. In yankinka ya fi ƙarfin haka, ka faɗa tun yanzu a ƙara mutum, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Mu ɗauka kai ke da hawa na uku, ma'aikata 24 suka zo yau, rajistar baƙi ta nuna mutum 2. Ka duba ko'ina, amma sito a kulle yake, hanyar kicin kuma hayaƙi ya rufe ta. Wani babba ya ce ba zai tashi ba sai ya gama waya. Mace ɗaya mai keken guragu ka kai ta wurin fakewa da ke bakin matakala tare da mai taimaka mata, tunda lif ba a shigarsa. Babban nan kada ka tsaya kokawa da shi, faɗa masa sau biyu, ka riƙe sunansa da ɗakinsa, ka wuce. Da ka isa wurin taruwa kai tsaye wurin babban jami'in za ka, ka ce masa: hawa na uku na duba, ban da sito da kicin, mutum ɗaya ya ƙi fita yana ɗaki kaza, biyu suna jira a matakala ta gabas. Sannan a kira suna. Mutum 26 ake nema, uku ka san inda suke, dole 23 su amsa. In 22 aka samu, mutum guda ya ɓace, kuma 'yan kwana-kwana sun san sito da kicin za su fara nufa.

Yanzu a ce ka zo ka ce babu kowa. Ka tura masu ceto wani hawan, ka bar ɗan Adam a kicin yana shaƙar hayaƙi. Mene ne abin kunya a cewa ban samu dubawa ba? Gani ya kori ji, amma mu zato ne ya kori gani. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi, in ba za ka iya ba ka mayar da rigar a bai wa wani.

Haka masu barin wurin taruwa su shige mota, ko su koma ɗauko jaka kafin 'yan kwana-kwana su ba da izini, kai kuma kana tsaye kana ɗaukar hoton hayaƙi da waya. A da in aka ba mutum amanar hawa, ya san yawan ƙofofinsa da ka, ya san wanda ke hutu da wanda ba ya ji sosai, in zai fita ofis sai ya damƙa wa mataimakinsa. Yau wani ko inda ya ajiye rigar bai sani ba, jerin sunayen da ke hannunsa ma har da waɗanda suka bar aiki bara.