Ranar da Allura ta Tono Garma

Akwai allura 2 a cikin walat ɗina yanzu haka, soke a jikin wani ɗan kwali, an naɗa masa baƙin zare a gefe ɗaya da fari a ɗaya gefen. Abokaina sun daɗe suna yi mini tsiya a kan wannan, wai namiji da gemunsa yana yawo da kayan ɗinki kamar mai jiran a kira shi gyaran tsumma. Ban taɓa kare kaina ba, domin laifin ba nawa ba ne. Na Kakata ne, Allah ya jiƙanta.

A hannunta na tashi, kuma ita mace ce da ba ta yarda akwai abin da ya gama aiki a duniya ba. Tana da wani tsohon gwangwani da fentinsa ya goge, cike da maɓallai iri-iri, na riguna da masu rigunan ma wasu sun daɗe da rasuwa. In muna tafiya ta hango maɓalli a ƙasa, sai ta tsaya cak ta nuna mini da baki. "Maigidana, ɗauko mana. Wata riga tana can tana kukansa." Haka take kirana, Maigidana, ko da yake ta sha faɗa mini cewa da ta san ragon miji za ta samu da ba ta yarda ba.

Ina ɗan shekara 9 ta danƙa mini allura. Dokokinta ba su da yawa, amma duk wanda ka karya za ka ji a kunnenka. Zare kada ya wuce kamu ɗaya, wato daga kan yatsa zuwa gwiwar hannu, domin dogon zare na rago ne, kuma tun kafin ka yi rabin aiki zai tufke ya ƙulle kansa. In launin zaren bai zo daidai da yadin ba, ka ɗauki wanda ya fi duhu, shi ne yake ɓuya. Ba a ɗinka tufa tana jikin mutum. Sai kuma wadda ta fi nanatawa: hannunka na hagu ya kasance a ƙarƙashin abin da kake ɗinkawa, yatsa yana jin bakin allura duk lokacin da ta fito, don ka tabbata abu ɗaya kake sokewa ba biyu ba.

To, ga abin da ya faru. Wata ranar Talata muna da baƙi a ofis, ni ne kuma zan tsaya a gabansu in yi bayani da ƙarfe 10. Na sa wani wando mai launin shuɗi mai duhu wanda na san sarai ya fara matse ni, amma na yi ta gaya wa kaina wanki ne ya sa ya tsuke. Saura minti 25, ina tafe a baranda da takarduna, sai na hango wani ɗan farin maɓalli mai huda huɗu a ƙasa. Wallahi ban yi shawara da kaina ba. Jikina ne kawai ya tuna Kaka, na duƙa.

Ƙarar da na ji ba ta da ƙarfi, wani ɗan "ɓarrr" ne mai ladabi, amma iskar da ta biyo baya ta ba ni cikakken labari. Na miƙe a hankali da maɓallin a hannuna, na manna takardun a bayana, na bi bango da tafiyar kaguwa har banɗaki. Wani abokin aikina ya gaishe ni a hanya, na amsa masa da fara'ar da ban taɓa yi masa irinta ba, don dai idonsa ya tsaya a fuskata.

Na kulle ƙofa, na tuɓe wandon, na juya cikinsa waje, na duba ɓarnar kamar yadda aka koya mini. Abu na farko da Kaka take dubawa shi ne ko yadin ne ya yage ko ɗinkin ne ya farke. In yadi ne, za ka ga bakinsa ya tsefe, kuma wannan sai faci, in ka haɗa bakin biyu kawai zai sake yagewa a gefen ɗinkinka. In zare ne ya tsinke, yadin yana nan lafiya, har za ka ga jerin ƙananan hudojin da allurar keke ta bari. Allah ya taimake ni, nawa farkewa ce, wajen taƙi ɗaya daga ƙasan ƙugu zuwa hantsa, kuma hudojin suna nan a jere suna nuna mini hanya. Na ce a raina yau ranar Kaka ce.

Daga nan ne na fara karya dokoki. Saboda ina sauri, na warware baƙin zaren gaba ɗaya, ya kusa kai tsawon hannu biyu, na ruɓanya shi na ƙulla, wai don kada in tsaya sake zurawa. Na zauna a kan murfin masai, na ɗora wandon a cinya, na kama aiki. Irin ɗinkin dai ban yi kuskurensa ba. Wurin zama na wando yana miƙewa duk lokacin da mutum ya duƙa, don haka ɗinkin shiga-fita na kai-tsaye ba ya riƙe shi, yana tattare yadin kuma jan farko zai tsinke. Abin da ake yi shi ne wanda Kaka take kira mai koma-baya: allura ta fito gaba kaɗan, ta koma ta shiga daidai inda ɗinkin baya ya ƙare, ta sake fitowa gaba, kowane taku kamar milimita 3. Kuma ba a bakin farkewar ake farawa ba, sai an koma kamar santimita 2 cikin tsohon ɗinkin da bai tsinke ba, a hau kansa, don kada ya ci gaba da warwarewa ta can.

Sau uku zaren ya tufke, sau uku ina kwance shi da bakin allura ina jin muryarta tana cewa sauri ya haifi nawa. Duk da haka cikin minti 9 na gama, na ƙulle da taku uku a wuri ɗaya, na ciza zaren da haƙori na tsinke. Na dubi aikin, har na ji wani ɗan alfahari. Sai na miƙe tsaye, wandon ma ya miƙe tare da ni.

Na ɗinke shi da ƙasan rigata. Gaban rigar ya kwanta a kan cinyata, wandon ya hau kansa, ni kuwa hannuna na hagu yana can yana riƙe da bakin yadi maimakon ya shiga ƙasa. Ga ni tsaye a banɗakin ofis, da gajeren wando da safa, dogon wandona yana lilo a gaban rigata kamar ɗan biri ya kama uwarsa. Daidai lokacin aka ƙwanƙwasa ƙofa. "Malam, kana ciki? Oga yana nemanka, baƙi sun iso." Na ce ina zuwa, cikina ne ya ɗan juya. Ya ce Allah ya sawwaƙe, da wata murya mai tausayi da har yau ban yafe masa ba.

Wanda bai taɓa farke ɗinki mai koma-baya ba, bai san ingancinsa ba. Na shiga-fita in ka yanke ƙulli ka ja, zaren zai zare gaba ɗaya. Wannan kuwa kowane taku ya hau kan na bayansa, sai ka sa allura ka ɗago su ɗaya bayan ɗaya. Ba almakashi, ba reza. Na yi ta tsintar su ina zufa, kuma a nan na gane cewa ban taɓa yin ɗinki mai kyau kamar wannan ba a rayuwata. Da na gama, baƙin zaren ya zama gutsi-gutsi, babu abin mora. Saura fari, a kan wando mai duhu, a wurin da duk mai zaune zai kalla in na juya ga allo.

A karo na biyu na cire rigar ma na rataye, na auna kamu ɗaya daidai, na zura hannun hagu a ƙasa. Abin haushi, minti 5 kacal ya ɗauka, zaren bai tufke ko sau ɗaya ba. Da na juyo wandon na ja ɗinkin, sai fararen ɗigo suka leƙo kamar haƙoran mai yi mini dariya. Na zaro biro mai shuɗin tawada na bi su ɗaya-ɗaya na shafe. Na shiga ɗakin taro a makare da minti 7, na yi bayanina duka ina fuskantar jama'a, ko da zan nuna abu a allo sai in miƙa hannu baya kamar mai ba da hannu a titi. Bayan an tashi Oga ya yaba mini, wai na iya haɗa ido da masu sauraro.

Ƙarshen makon na kai wa Kaka wandon, don a lokacin tana raye, na kwashe labarin duka na ba ta, ina jiran a ce Allah ya yi albarka. Ta yi dariya har da share hawaye da bakin mayafi. Sannan ta juya wandon, ta bi ɗinkin da babban yatsa, domin idonta ya riga ya yi rauni, yatsun ne suke gani. Ta tsaya a wani wuri ta ce, "Nan ka yi tsalle. Wa yake korarka?" Na ce Oga. Ta ce, "Ogan ne zai sa wandon?" Ta ciro 'yar rezarta daga gwangwani ta farke shi tas.

Sai ta miƙa mini tafin hannu. Na ɗauka allura take so, ashe ba ita ba. "Maɓallin fa? Ko duk wannan wahalar ka bar shi a can?" Na laluba aljihu na ba ta. Ta jujjuya shi, ta ce mai kyau ne, ta jefa a gwangwani. Sannan ta tura mini allura da kwarkwaron zare mai duhu, ta ce, "Zura mini, Maigidana, kafar ta daina ganuwa. Kamu ɗaya, ina jin ka."