Zanen alkaluma mai hawa-hawa: na tsakiya ne ke shan wahala

Rahotannin kasafin kuɗi da na amfanin gona cike suke da wani zane mai sanduna a tsaye, kowace an yanka ta gida uku ko huɗu da launi daban-daban. A Excel sunansa Stacked Column. Yana da kyan gani, amma a ra'ayina an fi amfani da shi inda bai dace ba.

A ce wata ƙungiyar manoma ta sayar da masara buhu 40, gero 30, dawa 20 a bara. Bana kuma masara 70, gero 26, dawa 20. Aka ɗora masara a ƙasa, gero a tsakiya, dawa a sama. A sandar bara, gero ya tashi daga 40 ya tsaya a 70. A ta bana ya tashi daga 70 ya tsaya a 96. Duk wanda ya kalla zai ga launin gero ya hau sama, ya ce kasuwarsa ta buɗe, alhali buhu 4 ya ragu. Masara ce ta ɗaga shi. Tamkar a gwada tsawon yara biyu ne, ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan turmi.

Ba laifin mai karatu ba ne. Tun a 1984 William Cleveland da Robert McGill suka gwada mutane, suka gano cewa ido ya fi ƙwarewa wajen kwatanta abubuwan da suka tashi daga layi ɗaya fiye da waɗanda gindinsu ya bambanta. A wannan zane kuwa, gidan ƙasa da jimillar sanda ne kaɗai ke da gindi ɗaya.

Gyara mafi sauƙi shi ne mai zanen ya tambayi kansa: labarin wa nake bayarwa? In na gero ne, a sauko da gero ƙasa, a ba shi launi mai ƙarfi, sauran su zama ruwan toka. A Excel ana sauya jerin ne ta Select Data.

In kuwa duka ukun ake son a kwatanta, a raba su: ƙaramin zane ga masara, wani ga gero, wani ga dawa, kowane ya tashi daga sifili. Sharaɗi ɗaya ne, kuma a nan ake yawan tuntuɓe: ma'auninsu ya zama ɗaya. In aka bar manhaja ta zaɓa wa kowane nasa, buhu 26 na iya kamo buhu 70 a tsawo. Clustered Column, wato sanduna a jere gefe da gefe, ma yana yi in shekarun ba su da yawa. In sun yi yawa, gara zanen layi.

Wasu za su ce ai sai a rubuta lamba a kan kowane gida. Ya rage ɓarna, amma mutum lissafi yake yi da ka, zanen bai taimake shi ba. Ni dai inda na yarda da hawa-hawa shi ne in jimilla ce labarin, wato ciniki ya tashi daga buhu 90 zuwa 116.