Kafin Ka Yi Wa Swicin Ƙofa Gada, Karanta Wannan

'Yan'uwana matasa masu gyaran wuta a masana'antu, akwai wata ɗabi'a da ta fara zama mana jiki. Da inji ya tsaya, kafin mu gano abin da ya tsayar da shi, hannunmu ya riga ya kai aljihu neman guntuwar wayar da za mu yi gada, wato mu haɗe wayoyin swici mu tsallake shi. Bari in ba ku labarin wani mai gyaran wuta da ke aikin dare a wata masana'antar lemon kwalba da ke Sharaɗa a Kano, ku auna da kanku.

Injin cika kwalba ya kwana uku yana tsayawa ba gaira ba dalili. Yana cikin gudu sai ya ɗauke, allon ya rubuta GUARD OPEN, wato ƙofar kariyar injin a buɗe take, alhali ga ta nan a rufe ram. Layin yana fitar da kwalba 12,000 a awa, don haka tsayuwar minti biyar kwalba 1,000 ce ta tafi. Masu aikin safe suka canza swicin ƙofar da sabo, bai daina ba. Masu aikin yamma suka canza rilen tsaro da ke cikin fanel, shi ma a banza. Kaya biyu masu lafiya aka cire aka jefa akwati.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare ya sake tsayawa. Shugaban aikin dare ya zo yana share gumi ya ce, "Malam, don Allah ka haɗe wayoyin swicin nan mu samu mu kai asuba. Motoci na jira a waje."

Mai gyaran ya ce, "Oga, yaran nan suna sa hannu cikin injin nan su cire fasasshiyar kwalba. In na haɗe, ƙofa a buɗe ma zai yi ta juyawa. Ka ba ni minti arba'in."

Ku lura da abin da ya fara yi: bai taɓa sukudireba ba. Wajen mai tuƙa injin ya nufa ya tambaye shi yadda yake tayar da shi in ya tsaya. Yaron ya ce danna RESET kaɗai ba ya yi, sai ya buɗe ƙofar ya sake rufewa sannan ya karɓa. Mutum uku sun ji wannan magana kafin shi, ba wanda ya ɗauke ta da muhimmanci.

Ga abin da take nufi. Swicin ƙofar tsaro layi biyu yake da shi, kowanne da wayoyinsa masu ɗauke da bolt 24 zuwa rilen tsaro. In an buɗe ƙofa da gaske, layukan biyu tare suke yankewa. In kuwa ɗaya ne kaɗai ya yanke, ko da na ƙiftawar ido ne, rilen zai tsayar da inji kuma ya ƙi tashi har sai ya ga duka biyun sun yanke sun dawo. Haka aka ƙera shi da gangan, don kada lalacewar layi ɗaya ta ɓoye. Sai mai gyaran ya buɗe fanel ya tsaya yana kallon 'yan fitilun rilen. Da injin ya sake ɗaukewa, fitilar CH1 ta layi na farko tana nan a kunne, ta CH2 ta layi na biyu ta mutu. Ke nan ƙofa ba ta motsa ba. Tunda swici sabo ne, rile sabo ne, abin da ya rage a tsakaninsu waya ce.

To amma masu aikin safe sun auna wayar, sun rubuta a littafi cewa lafiyarta ƙalau. Ba ƙarya suka yi ba. Sun auna ta ne inji yana tsaye, babu abin da ke motsi. Kuma mitar hannu sau biyu ko uku kawai take sabunta lambarta a daƙiƙa, yankewar da ta fi wannan sauri sai ta wuce ba ta nuna ba, shi kuwa rilen ya riga ya gani. Wannan ne ya sa nake jin haushi in na ji yaro ya ce "na auna, wuta na zuwa" ya juya ya tafi. A wane hali ka auna?

Mai gyaran ya ce a tayar da layin, ya koma gefe ya kasa kunne. Tsayuwa biyu da suka biyo baya duk sun faɗo ne daidai lokacin da injin ɗaga murafu ya tashi. Wannan injin ba kullum yake aiki ba, sai murafu sun yi ƙasa a mazubi yake kunna kansa, kuma yana girgiza ƙarfen da yake zaune a kai. Ya haska tocila ya bi kebul ɗin swicin da ido tun daga ƙofa, sai ga shi ya bi ta bayan ƙafar wannan injin, an ɗaure shi tamau da igiyar roba a jikin ƙarfen.

Nan ma bai yi gaggawa ba. Ya kashe babban swicin injin, ya sa ƙwaɗo, ya jefa makulli a aljihunsa, ya sauke iskar da ke cikin bututu. Ya zare wayoyin layi na biyu daga jikin rilen, domin ba a auna om a waya tana haɗe da wuta. Da ƙofa a rufe, mita ta nuna kusan om ɗaya, daidai da abin da ake tsammani ga siririyar waya mai wannan tsawo. Ya kunna ƙarar mitar, ya bar yaron a gaban fanel, shi kuma ya bi kebul ɗin yana lanƙwasa shi a hankali taƙi bayan taƙi. Yana isa wajen ɗaurin nan ƙarar ta ɗauke, mita ta rubuta OL, wato waya ta yanke. Ya saki, ta dawo.

Da ya yanke igiyar ya fere rigar kebul ɗin, babu ƙuna, babu tsaga. Sai da ya ja wayoyin ɗaya bayan ɗaya ya ji ɗaya tana miƙewa kamar danƙo. Jan ƙarfen da ke ciki ya karye, robar ce kawai ta riƙe bakunan biyu suna taɓa juna. Watanni na girgiza a wuri ɗaya, ƙarƙashin ɗaurin da ya yi tsauri, su suka cinye silin wayar ɗaya bayan ɗaya.

A nan ne da yawanmu za mu murɗe bakin wayar mu naɗe da salatif mu ce an gama. Kada ku yi. Wurin nan kullum ana wanke shi da ruwa da sinadari, salatif ba zai hana danshi shiga ba, kuma sauran wayoyin da ke cikin kebul ɗin sun sha irin wahalar da ta karya 'yar'uwarsu. Shi sabon kebul ya ja daga akwatin haɗi zuwa swicin, ya sauya masa hanya ya raba shi da ƙarfen da ke girgiza, ya bar masa ɗan sassauci a kwana, ya ɗaure ba tare da ya shaƙe shi ba.

Kafin ya mayar da layin hannun masu shi, ya tayar da injin ba kwalba, ya buɗe ƙofar: fitilun biyu suka mutu tare, inji ya tsaya cak. Ya maimaita, sannan ya sa aka kunna injin murafu ya daɗe yana girgiza, CH2 ba ta ko ƙifta ba. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna kwalabe suka ci gaba da tafiya.

Ya zauna ya rubuta a littafin miƙa aiki: layin da ke yankewa, inda wayar ta karye, sabuwar hanyar da kebul ya bi, da cewa swici da rilen da aka cire lafiyarsu lau, a mayar da su sito. A ƙasa ya ƙara layi ɗaya ga masu aikin safe, cewa kebul ɗin firikwensin murafu ma a jikin ƙarfen nan yake ɗaure, a duba shi ranar da za a tsayar da layi don wanki.