Hatimi Ba Ya Tsare Sabuwar Lambar Asusu

"Na sa hatimi da sa hannu a takardar sanarwar canjin asusuna na banki, ai ya wadatar ko?"

A'a, Alhaji. Mazambaci na iya kwafar hatimin daga hoton tsohon rasidinka, ya maye lambar RIB, wato cikakkiyar lambar asusun banki, da tasa, ya tura wa mai sayen gyaɗarka a Matamaye.

A sanarwar, rubuta sabon RIB ɗin a cike, gurbi 24 masu farawa da NE, da sunan mai asusun da ranar daina amfani da tsohon. Sai gargaɗin: duk saƙon canjin asusu, a kira lambar wayarka da aka daɗe da sani, ban da wadda ke cikin saƙon, domin ita mazambacin zai ɗauka da kansa. Mai biyan miliyan biyu ya fara tura jaka biyar, ka tabbatar masa ta shigo, sannan sauran.